Kama da Wane Ba Ta Wane: Me Ya Sa Hoto Ba Ya Tabbatar da Gwal?

A wannan makon mun kawo muku wani saƙon waya da wani mai sayar da gwal ya rubuta wa wata mata da ta saba sayayya a wurinsa. Matar gwaggon ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu ce, kuma ta ba mu izini mu kwafe shi mu liƙa a nan, da sharaɗin ba za mu faɗi sunan kowa ba. Da muka karanta saƙon sai muka ga ashe lissafi da kimiyyar da ake koya mana a aji suna cikinsa.

Yadda abin ya faro

Gwaggo ta kwashi adashinta, tana so ta saya wa 'yarta awarwaron gwal saboda bikinta ya matso. Sai wata mata da suka haɗu a gidan suna ta ce tana da awarwaro guda biyu na sayarwa, buƙata ce ta taso mata. Kuɗin da ta sa bai wuce rabin na kasuwa da kaɗan ba. Ta turo hotuna huɗu ta WhatsApp. Na farko awarwaron ne a kan farin ƙyalle yana sheƙi. Na biyu an matso da kyamara, ana ganin hatimi a cikinsa an rubuta 21K da 875. Na uku an ɗora guda ɗaya a kan sikeli, ya nuna giram 13.6. Na huɗu kuma rasit ne na wani shago.

Matar ta ce idan Gwaggo tana so ta tura rabin kuɗin kafin magariba, domin akwai wata da ta taya. Gwaggo ta tura wa Alhajin da take sayen gwal a wurinsa hotunan, ta rubuta masa: "Alhaji, don Allah duba min, na gaske ne? Idan ka ce e, yanzu zan biya."

Amsar da ya bayar

Ga abin da ya rubuto mata:

"Wa alaikumus salam Hajiya, ya gida, ya shirin biki? Allah ya sanya alheri. Na ga hotuna duka huɗu. Ki yi haƙuri, ba zan iya ce miki na gaske ne ba, kuma ba zan ce jabu ne ba, domin abin da ban riƙe a hannuna ba ba na ba da shaida a kansa.

"Hoto fatar abu yake nunawa. Idan aka ƙera awarwaro da tagulla aka yi masa ruwan gwal, fatarsa gwal ce ta gaskiya, don haka a hoto babu bambanci tsakaninsa da wanda ciki da waje gwal ne. Ko ni da nake wannan sana'a, idan kika ajiye min su biyu a kan tebur kika ce kada in taɓa, zan iya kuskure.

"Hatimin da kika gani ƙarfe ne ake bugawa, wanda ya iya ƙera jabu ya iya buga masa hatimi. Sikeli nauyi ya gaya mana, bai gaya mana abin da ke ciki ba. Rasit kuma yana nuna an taɓa sayen wani awarwaro a wani shago, amma bai nuna cewa wannan ne ba.

"Shawarata ita ce kada ki tura ko sisi. Ki ce mata ku haɗu a shagona gobe da safe, ta zo da kayan. Zan auna a gabanku, in goga a dutse, in sa masa ruwan gwaji. Aikin ba zai wuce minti goma ba, kuma ba zan karɓi komai ba. Idan gwal ne ki biya ta a nan take, ni ne shaida. Idan ta ƙi zuwa, to kin sami amsarki.

"Na san za ki ji kamar na ƙi taimaka miki ne. Amma da in faɗi abin da zai yi miki daɗi yau ki yi kuka gobe, gara ki ji haushina yau. Ba a cinikin biri a sama, Hajiya. Na gode, a gaida Alhaji da yara."

Gwaggo ta ce da farko ta ji haushi, domin a ganinta mutumin da ya shekara yana sayar da gwal ai kallo ɗaya ya ishe shi. Mu ma haka muka yi tsammani. Shi ya sa muka ɗauki maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, muka nemi taimakon malamin kimiyya don mu gane ko yana da gaskiya.

Na farko: hoto fata yake gani

Kyamara ba ta ganin cikin ƙarfe. Haske ne yake faɗa wa abu, ya dawo, ya shiga kyamara, shi ne hoton. Hasken kuwa daga saman ƙarfen yake dawowa, ba ya ratsawa can ciki.

Ruwan gwal da ake yi wa sarƙa ko awarwaro gwal ne na gaskiya, sai dai siriri ne ƙwarai. Silin gashin kai guda ɗaya ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Ana tsoma tagullar a cikin wani ruwa mai narkakken gwal, a haɗa da wutar lantarki, sai gwal ɗin ya manne a jikinta ya rufe ko'ina. To tunda fatar gwal ce, launin da kyamara ta ɗauka ma na gwal ne. Hoton bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya nuna. Tambayar Gwaggo ce ta fi ƙarfinsa, domin ita a kan abin da ke ƙarƙashin fatar take tambaya.

Bayan haka, launi a hoto ba abin dogara ba ne. Mun gwada da kanmu. Mun ɗauki kwaɗon ƙofar ajinmu, irin mai ruwan ɗorawar nan, muka yi masa hoto sau uku da wayar malam: a rana, a inuwar baranda, da kuma a cikin ofis a ƙarƙashin ƙwan lantarki. A rana ya fito jawur yana walƙiya kamar kayan amarya. A inuwa ya yi duhu. A ofis kuma ya yi fari-fari. Kwaɗo ɗaya, launi uku. Malam ya ce wayar da kanta take gyara launi kafin ta ajiye hoton, kuma idan aka tura shi ta WhatsApp yawanci ana matse shi don kada ya ci data, sai ƙananan alamomi su dushe.

Na biyu: hatimi, sikeli da rasit

Me ake nufi da 21K da 875? Tsantsar gwal yana da laushi, yana saurin lanƙwashewa, shi ya sa maƙera suke haɗa shi da wasu ƙarafa kamar jan ƙarfe da azurfa don ya yi ƙarfi. Ana raba ƙarfen gida 24, kowane gida ana kiransa karat. Karat 21 yana nufin gida 21 gwal ne, gida 3 wani ƙarfe ne. Idan kuka raba 21 da 24 za ku sami 0.875, wato kashi 875 cikin 1000. Ta haka ne karat 18 ya zama 750, karat 22 kuma ake rubuta masa 916. Ku gwada a littafin lissafinku ku gani.

To hatimin awarwaron ya yi daidai da lissafi. Amma wannan bai tabbatar da komai ba, domin hatimi magana ce kawai ta wanda ya buga shi. Kamar ɗalibi ne ya rubuta "na ɗaya a aji" a bayan littafinsa. Rubutun yana iya zama gaskiya, amma sai an duba sakamakon jarrabawa za a sani.

Haka hoton sikeli. Giram 13.6 na tagulla da giram 13.6 na gwal duk lamba ɗaya sikeli zai nuna. Rasit kuma takarda ce daban, awarwaro daban. Mutum zai iya sayen na gaske, ya ajiye rasit ɗin, ya haɗa shi da wani mai kama da shi. Kai, ko hotunan ma babu abin da ya nuna cewa na kayan da za a miƙa wa Gwaggo ne.

Akwai wani abu da muka lura da shi a nan. Hoto yana iya tona asirin jabu wani lokaci. Idan aka ga fatar ta ɓare wani launi ya leƙo, ko wani wuri ya yi kore, ko an buga 21K tare da 750 waɗanda ba su dace da juna ba, to an kama shi. Amma rashin ganin aibi a hoto ba ya nufin babu aibin. Hoto yana iya cewa "wannan jabu ne", amma ba ya iya cewa "wannan na gaske ne".

Abin da ya faru a shago

Matar ba ta ƙi zuwa ba. Washegari suka haɗu a shagon, kuma ɗan ƙungiyarmu ya raka Gwaggo, shi ya ba mu labarin abin da ya gani.

Da Alhaji ya karɓi awarwaron sai ya ɗan jinjina shi a tafin hannunsa, bai ce komai ba. Daga baya ya gaya wa Gwaggo cewa tun a nan ya ji bai kai nauyin da ya kamata abu mai wannan girman ya kai ba.

Sai ya kanga masa maganaɗisu, bai kama ba. Mai kayan ta yi murmushi. Alhaji ya ce kada a yi saurin murna. Gaskiya ne maganaɗisu ba ya jan gwal, amma kuma ba ya jan tagulla, ba ya jan jan ƙarfe. Abin da wannan gwajin ya nuna kawai shi ne ba baƙin ƙarfe ba ne a ciki.

Sannan ya ɗauko wani baƙin dutse mai santsi, ya goga gefen awarwaron a hankali. Wani layi mai ruwan gwal ya fito a kan dutsen. Ya ɗiga masa ruwan gwaji, wato asid, layin bai tafi duka ba. Sai ya nemi izinin mai kayan, ya sa 'yar ƙaramar magagari ya kankare wani ɗan wuri ta ciki inda ba a gani, ya ɗiga asid ɗin daidai wurin. Nan da nan wurin ya yi kumfa ya zama kore.

Ga dalilin. Asid ɗin da ake wannan gwaji da shi yana cin jan ƙarfe da tagulla, amma ba ya cin gwal. Gugar farko fatar kawai ta ɗebo, fatar kuwa gwal ce. Da aka kankare aka isa ciki, sai asid ya tarar da tagulla. Koren nan alamar jan ƙarfen da ke cikin tagulla ce. Ku lura, ko da kayan suna hannun gwani, gwajin farko bai gama tona asiri ba, balle hoto.

Muna jan kunnen 'yan'uwa: asid yana ƙona fata, yana makantar da ido. Wannan aikin masu sana'a ne, ba abin da za mu gwada a gida ba ne.

Gwajin ruwa, wanda lissafinsa bai fi ƙarfinmu ba

Mai kayan ba ta gamsu ba, ta ce wataƙila asid ɗin ne ya yi ƙarfi. Sai Alhaji ya yi wani gwajin da ba ya taɓa lafiyar kaya, kuma shi ne ya fi burge mu.

Kowane ƙarfe yana da nauyinsa gwargwadon girmansa. Ku tuna da sirinjin asibiti mai lambobi a jiki. Ruwan da ya kai mililita 1 nauyinsa giram 1 ne. Idan tagulla ce ta cika wannan gurbin, nauyinta wajen giram 8.5 ne. Azurfa wajen giram 10.5. Tsantsar gwal kuwa giram 19.3. Gwal mai karat 21, da yake an haɗa shi da ƙarafan da ba su kai shi nauyi ba, yana kaiwa wajen giram 17. Wato idan girmansu ɗaya, gwal mai karat 21 ya ninka tagulla nauyi sau biyu.

Matsalar ita ce yadda za a san girman abu mai lanƙwasa da zane kamar awarwaro, tunda rula ba za ta auna shi ba. Ga yadda Alhaji ya yi:

1. Ya auna awarwaron a kan sikeli, ya nuna giram 13.6, daidai da na hoto.
2. Ya ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ya danna ya mayar da lambar sifili.
3. Ya ɗaura wa awarwaron siririn zare, ya zura shi cikin ruwan har ya nutse duka, yana riƙe da zaren, bai bari ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba.
4. Sikeli ya nuna giram 1.6.

Wannan 1.6 ɗin nauyin ruwan da awarwaron ya ture ne. Tunda giram 1 na ruwa mililita 1 ne, girman awarwaron mililita 1.6 ke nan. Sai a raba nauyi da girma: 13.6 ÷ 1.6 = 8.5. Wannan lambar tagulla ce.

Da a ce gwal ne mai karat 21 mai nauyin giram 13.6, da sikelin ya nuna wajen 0.8 ne a cikin ruwa, domin 13.6 ÷ 0.8 = 17. Ko mu juya lissafin: awarwaro mai girman mililita 1.6, idan na gwal ne, ya kamata ya kai wajen giram 27. Wannan kuwa rabin haka ya yi. Abin da hannun Alhaji ya ji ke nan tun da farko, kuma babu hoton da zai iya ɗaukar wannan.

Malamin kimiyya ya ce wannan dabara tsohuwa ce. Ana danganta ta da Archimedes, wani masani Bagirke da ya rayu a birnin Syracuse fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ana ba da labarin cewa sarkin garin ya yi zargin maƙeri ya haɗa masa azurfa a cikin hular sarautarsa ta gwal, sai Archimedes ya yi amfani da ruwa ya gano gaskiya ba tare da ya fasa hular ba.

Amma shi ma wannan gwajin yana da iyaka. Idan awarwaron mai rami ne a ciki, iskar da ke ciki za ta ƙara masa girma, sai gwal na gaske ya ba da ƙaramar lamba kamar jabu. Idan akwai duwatsun ado a jiki, su ma suna ɓata lissafin. Idan abin ƙarami ne sosai, kamar ɗan kunnen jariri, ƙaramin kuskuren sikeli zai canja amsar. Na Gwaggo ya yiwu ne domin ba shi da rami kuma ba shi da dutse. Shi ya sa Alhaji bai tsaya a gwaji ɗaya ba, sai da asid da ruwa suka faɗi magana ɗaya sannan ya yanke hukunci.

Yadda aka rabu

Aka gwada na biyun, shi ma haka. Mai kayan ta fashe da kuka. Ta ce ita ma a hannun wata ta saya shekara biyu da suka wuce, a hoto ta gani ta biya, aka aiko mata da shi tare da rasit ɗin, kuma ba ta taɓa kai shi an gwada ba. Allah ne ya san gaskiyar zuciyarta, kuma babu wanda ya kira ta macuciya a wurin. Alhaji ya ba ta haƙuri, ya mayar mata da kayanta. Idan maganarta gaskiya ce, to abin da ya kusa samun Gwaggo shi ne ya riga ya same ta.

Wannan ya nuna mana wani abu kuma. Mai sayarwa zai iya rantsuwa da gaskiyarsa alhali kayan jabu ne, domin shi ma bai sani ba. Don haka cewa a gwada ba zargi ba ne, kuma bai kamata ya ɓata zumunci ba.

Gwaggo ta koma gida da kuɗin adashinta cif. Daga baya ta sayi awarwaro guda ɗaya mai karat 18, wanda aka auna aka gwada a gabanta. Bai kai waɗancan girma ba, amma ta san abin da ta saya.

Abin da muka ɗauka daga saƙon

Da muka sake karanta saƙon bayan mun ji ƙarshen labari, sai muka ga abubuwa uku da Alhaji ya yi. Bai yi ƙaryar sanin abin da bai sani ba. Bai ɓata sunan mai kayan ba tun kafin a gwada. Kuma bai tsaya a "ba zan iya ba" kawai ba, ya kawo dalili, ya faɗi lokaci da wurin da za a sami amsa. Da ya ce "e" don ya faranta wa Gwaggo rai, da ta yi asarar kuɗin bikin 'yarta, shi kuma ya yi asarar amincin da ke tsakaninsu.

Idan a gidanku aka turo hoton gwal ana cewa a biya kafin magariba, ku tuna wa iyaye cewa a haɗu a gaban mai gwaji tukuna, a gwada kayan da za a miƙa ɗin da kansu, sannan kuɗi ya fita.

Tambayar mako

Wani zobe marar rami kuma marar dutse ya auna giram 6.3. Da aka rataya shi cikin ruwa sikeli ya nuna 0.6. An buga masa hatimin 875. Da wane ƙarfe lambarsa ta yi daidai, kuma hatimin ya faɗi gaskiya? Ku rubuta amsa tare da lissafinku da ajinku, ku saka a akwatin ƙungiya da ke bakin ofishin malamai kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.